Wace hanya za ka ɗauka don lissafin sanyayar gajeriyar silinda ko dunƙulen ƙarfe?

Idan aka fito da gajeriyar silinda ta ƙarfe daga wuta aka tsoma ta a mai, zafi yana fita ta gefenta, yana kuma fita ta sama da ƙasa. Mai son sanin zafin tsakiyarta bayan wani lokaci yana da hanyoyi huɗu a gabansa: ya ɗauki dukkan ƙarfen a kan zafi guda, ko ya ninka amsoshin fuska ɗaya-ɗaya, ko ya karanta zanen Heisler, wato jadawalin layuka da ake duba amsar a ciki, ko kuma ya nemi manhajar kwamfuta mai yanka abu ƙanana-ƙanana. A ganinmu, ta biyun ce ta fi cancanta a fara da ita, kuma sau da yawa ita kaɗai ta wadatar. Amma gara a gwada su duka a kan abu guda.

Ga silinda mai faɗin santimita 8 da tsayin santimita 4, zafinta digiri 600 a ma'aunin Selsiyos, man kuma digiri 50. Mu ɗauka cewa k, ƙarfin wucewar zafi ta cikin ƙarfen, 20 W/m·K ne; α, saurin yaɗuwar zafi a cikinsa, 5×10⁻⁶ m²/s; h kuma, ƙarfin fitar zafi daga fatar ƙarfen zuwa man, 500 W/m²·K. Ana son zafin tsakiya bayan daƙiƙa 160.

Hanya ta farko ita ce mafi araha, layi ɗaya ne. Ana raba girman abin da faɗin fatarsa, a nan ya ba da mita 0.01, sai a sami kason bambancin zafi da ya rage, θ = exp(−2), wanda ke nufin zafin kusan digiri 124. Sharaɗinta shi ne lambar Biot, wato h sau wannan tsawon a raba da k, ta gaza 0.1, ta wannan silinda kuwa 0.25 ce. Hanyar ta dace da ƙaramin gutsuren tagulla ko alminiyom mai hucewa a iska, ba da wannan ba.

Hanyar ninkawa ta ginu ne a kan cewa gajeriyar silinda ita ce wurin da doguwar silinda marar ƙarshe ta ratsa faffaɗan bango mai kauri 2L. Kowannensu yana da sananniyar amsa. Abin da ake ninkawa shi ne θ, wato kason bambancin zafi da ya rage, ba digirin kansa ba:

```
θ = (T − T∞) / (Ti − T∞)
θ = θ1 × θ2
θn = C · exp(−ζ² · Fo)
```

A nan Ti zafin farko ne, T∞ kuma zafin man. Bango da silinda kowanne yana da tasa lambar Biot, Bi, da tasa lambar Fourier, Fo, mai auna yadda lokaci ya tafi. Ga bango, L rabin tsayi ne, mita 0.02, saboda haka Bi = hL/k = 0.5, Fo = αt/L² = 2.0. Jadawalin littattafan darasi ya ba da ζ = 0.6533 da C = 1.0701, sai θ1 ta fito 0.456. Ga silinda, ana aiki da rabin faɗi, mita 0.04, wanda ya ba da Bi = 1.0 da Fo = 0.5. Jadawali ya ce ζ = 1.2558, C = 1.2071, sai θ2 ta zama 0.549. Idan aka ninka su an sami 0.250, zafin tsakiya ke nan 50 + 550 × 0.250, kusan digiri 188. Hanyar farko ta kauce da fiye da digiri 60, kuma ta kauce ne ta ɓangaren da ke da hatsari, domin tana cewa ƙarfe ya huce alhali cikinsa da sauran wuta. Wanda kuma ya yi watsi da sama da ƙasa, ya ɗauke ta doguwar silinda kawai, zai sami digiri 352.

Hanyar ba ta tsaya ga tsakiya ba. Don bakin da gefe ya haɗu da sama, ana ƙara ninkawa da cos(ζ) na bango, 0.794, da J₀(ζ) na silinda, 0.643, wanda Excel ke bayarwa da `BESSELJ(1.2558,0)`. Bakin yana kan digiri 120 a daidai lokacin da tsakiya ke kan 188. Irin wannan tazara ce ke jawo tsagewa a wajen taurara ƙarfe, hanyar farko kuwa ba ta ma san da ita ba. Dunƙule mai kusurwa huɗu ma haka ake yi masa, sai dai bango uku ake ninkawa, kowane da rabin kaurinsa.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne L. Wanda ya sa cikakken tsayi, mita 0.04, maimakon rabi, zai sami θ1 = 0.773 da zafin digiri 283, kuma babu abin da zai nuna masa kuskure a lissafin, domin amsar tana kama da gaskiya. Cikakken tsayi yana shiga ne kawai idan silindar tana zaune a kan abin da ba ya wuce da zafi, ta yadda sama kaɗai ke hucewa, a nan kuma wuri mafi zafi ya koma gindi.

Sai iyakar lokaci. Wannan gajeren lissafi gaɓa ta farko ce kawai ta dogon jeri, kuma kuskurensa yana ƙasa da kashi 2 cikin ɗari ne idan Fo ya wuce 0.2 a kowace fuska. A misalinmu bango ya cika sharaɗin tun daƙiƙa 16, amma silinda sai daƙiƙa 64, ita ce kuma ke yanke hukunci. Alamar an ƙetare iyakar da nisa ita ce θ ta fito sama da 1, kamar ƙarfen ya ƙara zafi cikin mai. Maganinsa a ƙara gaɓoɓi uku ko huɗu na jerin a kowace fuska, sannan a ninka kamar da.

Zanen Heisler, wanda ya fito a 1947, wannan gaɓa ta farkon ce aka zana. Yana da amfani don saurin dubawa, amma ido yana kuskure a tsakanin layuka, kuma ninka karatu biyu ko uku yana tara kuskuren wuri guda. Ya fi gazawa idan lokaci ake nema, domin sai an yi ta cinta ana gwadawa. Da lissafi kuwa amsar kai tsaye take fitowa:

```
t = ln(C1·C2 / θ) / [α (ζ1²/L² + ζ2²/r²)]
```

Manhaja tana cin kuɗin lasisi ko lokacin koyo, kuma ta cancanci hakan ne idan sharuɗɗan ninkawa sun karye. Ninkawa tana bukatar zafin farko ya zama ɗaya a ko'ina cikin ƙarfen, ruwan da ke kewaye ya kasance kan zafi ɗaya a dukkan fuskoki, k da α ba sa canzawa, kuma babu zafin da ake haifarwa a ciki. Ba laifi h na gefe ya bambanta da na sama da ƙasa, muddin fuskoki biyu masu kallon juna sun daidaita. Amma idan ƙasa tana kan faranti mai zafi sama kuma tana shan iska mai sanyi, lissafin ba ya rabuwa gida biyu, ninkawar ba ta da tushe. Haka ma a tanderu mai tsananin zafi inda wucewar zafi ta hanyar haskakawa ta fi rinjaye, ko tsomawa a ruwa inda tururi ke lulluɓe ƙarfen da farko sannan ya yaye, h ya yi tsalle cikin daƙiƙu kaɗan.

Kafin a kashe kuɗi kan manhaja, a duba daga ina h ya fito. A misalinmu 500 zato ne, kuma a aikin gaske shi ne adadin da aka fi rashin tabbas a kansa. Manhajar da aka ba h na zato za ta mayar da hoto mai launi na wannan zaton ne kawai. Ya fi amfani a huda gwajin silinda ɗaya har tsakiya, a sa wayar auna zafi, a rubuta karatu a daƙiƙa 80 da 160 da 240, sannan a gyara h a lissafin ninkawa har ya dace da su. Idan h guda ya kama dukkan ukun, babu bukatar manhaja. Idan kowane karatu yana neman nasa h, tafasa ce ko canjin halin ƙarfe ke aiki, manhaja ta zama dole, kuma gwajin farko da za a yi mata shi ne a ba ta wannan silinda da h marar canzawa a ga ko za ta mayar da digiri 188.