Wasiƙa zuwa Jos: zubin inshora da kwanakin ɗaga ƙafa

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara. A gaishe mini da Hajiya, a ce mata na ji saƙonta.

Ka ce wakilin kamfanin da kake yi wa yara ajiyar karatu ya gaya maka kada ka damu idan albashi ya makara, wai akwai kwana 30 na ɗaga ƙafa. Ka kuma tambaye ni ko mu ma a Amurka haka ake yi mana. Haka ne, kuma bai yi maka ƙarya ba. Sai dai bai gaya maka daga wace rana ake fara ƙirga kwanakin ba, kuma a nan mutane ke faɗawa rami, a Houston ɗin nan da Jos baki ɗaya.

A nan ba na zuwa ofishin kowa. Manhajar kamfanin tana cikin wayata, in na buɗe sai in taɓa inda aka rubuta `Payment history`, duk zubin da na yi ya fito a jere: ranar da ya kamata a biya, ranar da kuɗin ya shiga, nawa ne, da ko ya zauna ko banki ya mayar da shi. Yawancinmu mun ba kamfani izinin cirewa daga asusu da kansa duk wata, shi ya sa mutum yake sakankancewa. To katin banki yana ƙarewa, wani lokaci kuma a zo cira a tarar asusun bai kai ba. Sai ka ga layin wannan watan an sa masa `Returned`, alhali kai kana can kana ganin an biya. Wasiƙar gargaɗi kuwa ta gidan waya take zuwa, cikin tulin takardun talla, kuma idan ka tashi daga gidan haya ba ka sanar da su ba, can tsohon gidan za ta je.

Amma duk wannan jerin ba shi ne abin dubawa na farko ba. Akwai wani layi guda da ake rubutawa `Paid-to date`, wato ranar da kuɗinka ya kai ka. Daga wannan ranar ake fara ƙirga kwanakin ɗaga ƙafa, ba daga ranar da ka tura kuɗi na ƙarshe ba. Dalili shi ne kamfani yana yi ne kamar mai shagon unguwa da littafin bashinsa: abin da ka kawo yau, tsohon bashi ake fara gogewa da shi, ba na wannan watan ba.

Bari in yi maka lissafin da irin tsarinka. A ce zubinka naira 20,000 ne, ranar biya 5 ga kowane wata, kai kuma ka saba turawa 28 ga watan da ya gabata, da zarar albashi ya shigo. Ƙarshen Fabrairu hidima ta yi yawa, ba ka tura na 5 ga Maris ba. Ranar 28 ga Maris ka tura 20,000, a zuciyarka na Afrilu ne. Kamfani ya karɓa ya sa shi a gurbin Maris, don har lokacin kana cikin kwana 30. Ba wanda ya kira ka, alat ya shigo, rasit ya fito. Ranar 28 ga Afrilu ka sake turawa kana cewa na Mayu ne, su kuma suka rubuta na Afrilu. Haka za a yi ta tafiya wata bayan wata, kana ganin kana biya mako guda kafin lokaci, a littafinsu kuwa kullum kana biya bayan ka makara da kwana 23. Cikin kwana 30 ɗin da wakili ya yi maka alkawari, bakwai kawai suka rage maka, kuma ba ka sani ba.

Sai a zo ƙarshen Agusta albashi ya tsaya, bai shigo ba sai 10 ga Satumba. Kai lissafinka kwana biyar kawai ka makara da na Satumba, har da sauran kwana 25 a hannu. Nasu lissafin shi ne na 5 ga Agusta ake bin ka, wa'adinsa kuma ya cika 4 ga Satumba. Inshorar ta faɗi tun kwana shida da suka wuce. Kuɗin da ka tura ranar 10 ɗin ba lallai ya tashe ta ba. Yana iya zama a gefe a asusunsu har sai ka cika takardar neman a farfaɗo da ita. Idan kuma Allah ya kawo ƙaddara a tsakanin nan, ba fata ba, kamfani zai buɗe littafi ya nuna wa iyali kwanan wata, kuma rasit ɗin da ke cikin durowa duk ba zai musanta shi ba, don kowane rasit gaskiya ya faɗa: an karɓi kuɗi. Bai faɗi na wane wata ba ne.

Maganin ba shi da wuya. Wata guda za ka tura biyu, 40,000, ranar da kuɗinka ya kai ka ta koma daidai. Wuyar ita ce sanin cewa akwai giɓin.

Abin da ya burge ni a nan shi ne ɗaga ƙafar ba alfarmar kamfani ba ce, doka ce ta jiha. A inshorar rai yawanci kwana 30 ko 31 ne, kuma a cikinsu inshorar tana raye sosai: idan mutum ya rasu a rana ta 20 bai biya ba, za a ba magada haƙƙinsu a cire zubin watan da ake bin sa. California ta ma ƙara, tun 2013 ta mayar da shi kwana 60, ta kuma ba mutum damar ya rubuta sunan wani na daban da za a aika wa gargaɗi kafin a soke. Wannan na biyun ya fi kwanakin amfani a ganina, don wanda ya daina biya sau da yawa yana kwance a asibiti ne ko tsufa ya taɓa shi, ba shi da halin buɗe wasiƙa. Ko doka ba ta ce ba, babu abin da zai hana ka roƙi kamfaninka su ƙara lambar Anti a cikin waɗanda suke tura wa saƙo.

Kada ka ɗauka komai na nan haka yake da sauƙi. Inshorar lafiya da ake saya ta kasuwar gwamnati, ga wanda gwamnati ke tallafa masa da wani kaso, ana ba shi wata uku. Ka ji kamar an yi maka gata. Amma watan farko kaɗai kamfani ya zama dole ya biya asibiti; na biyu da na uku yana iya riƙe takardun ya jira ka. Idan ba ka biya duka bashin ba kafin wata ukun su cika, sokewar takan koma baya zuwa ƙarshen watan farko, duk asibitin da ka je bayan nan ya dawo wuyanka. Biyan rabi kuma ba ya sabunta ƙirgen. A ƙasar da kwana ɗaya a gadon asibiti yake cin dubban daloli, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta ɓangaren mota kuwa, ku kun fi mu sauƙin ganewa. Mu wata-wata muke biya, idan ka tsallake a Texas takardar kwana 10 za su aiko maka su soke. Ku shekara guda kuke biya gaba ɗaya, naira 15,000 tun Janairun 2023 ga motar gida, a kan irin inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Ƙa'idar da ta zo a sashe na 50 na tsohuwar dokar inshora ta 2003, wadda hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta tsananta aiki da ita daga 1 ga Janairu 2013, ita ce in ba a biya ba babu kariya. Saboda haka kada ka ɗauki kwana 30 ɗin ajiyar yara ka ɗora wa mota. Ranar da takardar ta ƙare, ta ƙare. Kana iya danna `*565*11#` ka sa lambar motar ka ga ko tana cikin rumbun bayanan kamfanonin inshora, abin da 'yan sanda ke dubawa ke nan idan sun tare ka a hanyar Bukuru. Amma wannan na mota ne kawai, ba zai nuna maka zubin ajiyar yara ba.

Don haka sai ka taka da ƙafarka zuwa reshensu, ko ka aika musu imel, ka nemi cikakken bayanin zubinka tun daga ranar da ka fara. Kada ka tsaya a kan abin da wakili zai faɗa maka a waya. Ba zarginsa nake yi ba, amma shi ma sau da yawa abin da yake gani shi ne ka tura, ba inda aka sa kuɗin ba. Ka fitar da bayanin asusunka na banki ka ajiye su gefe da gefe, ka ƙirga watanni nawa suka wuce tun farawa, zubi nawa suka rubuta. Idan watanni 26 ne zubi 25, ka ga giɓin. Idan bankinka ya nuna 26 su sun rubuta 25, to wata tiransifa ce ba a haɗa ta da lambar inshorarka ba, abin da ke faruwa idan aka tura daga asusun wani ko ta mai POS ba a rubuta lambar a wurin bayani ba. Wannan kuɗinka ne, da shaidar banki za su gyara. Wanda aka miƙa wa wakili a hannu ba rasit ɗin kamfani, shi ne mai wahalar karewa. In sun ƙi saurarenka, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi a Abuja.

Idan ka tarar ta riga ta faɗi, ka tambayi abu biyu. Na farko sharaɗin farfaɗowa: a nan sai ka biya duk abin da ya taru, galibi da ƙari a kai, a sake yi maka tambayoyin lafiya, kuma in hawan jini ko suga ya bayyana a tsakani suna iya ƙi ko su ƙara kuɗi. Na biyu, me ya rage maka a ciki. Tsarin da ke da ajiya, bayan an yi wasu shekaru ana zubi, yakan tara abin da ba ya salwanta, amma wanda ya faɗi a shekarun farko yakan fita da kaɗan ko ya fita hannu rabbana. Shekarun da ake buƙata suna rubuce a takardar da suka ba ka ranar da ka sa hannu, ko ta takaful mai tsarin Musulunci ce ko ta kamfanin da aka saba.

Ka ɗauko ta, ka ɗauki hoton shafin da ya yi maganar kwanakin ɗaga ƙafa da na farfaɗowa ka turo mini, tare da bayanin zubin in sun ba ka. Ranar Asabar ba na aiki, sai in kira ka bayan la'asar ɗinku mu bi shi layi-layi.