Rabon kuɗin goro ko bin aiki: wanne lissafi ya dace da mai matsar mai?

Duk mai ƙaramar masana'anta ya san kuɗin gyaɗa da na jarka da ladan masu aiki a bakin inji, domin waɗannan suna da sauƙin bi. Wahalar tana wajen kuɗin ɗawainiya: wuta, man janareta, gyaran inji, haya, albashin maigadi, da zirga-zirgar kai kaya. Ba wanda ya rubuta musu sunan wani kaya a goshi, amma dole a raba su kafin a san nawa litar mai ta tsaya. Hanyoyi uku ne ake tallata wa mutane a nan Garwa da Marwa, kuma tun yanzu in faɗi gaskiya, na fi karkata ga ta uku.

Ta farko ita ce tsohuwar hanya. A tara duk kuɗin ɗawainiya wuri ɗaya, a raba da awannin inji ko awannin ma'aikata, kowane kaya ya ɗauki rabonsa gwargwadon awannin da ya ci. Kuɗin goro ke nan. Ta biyu ita ce wadda kwantabul ɗinmu suka koya a makaranta bisa tsarin Faransa, wato raba kuɗin sashe-sashe: sashen matsa, sashen cikawa, sashen sayarwa, kowanne da ma'auninsa. Ta fi ta farko, sai dai galibi ma'aunan nata duk yawan kaya suke bi, saboda haka cutar ɗaya ce. Ta uku ita ce lissafin bin aiki, wanda ake taƙaita sunansa na Turanci da ABC. Robin Cooper da Robert Kaplan na jami'ar Harvard ne suka yaɗa shi a ƙarshen shekarun 1980. Tambayarsa ɗaya ce: wane aiki ne ya ci wannan kuɗi, kuma wane kaya ne ya jawo aikin?

Mu ɗauki misali, da alƙaluman da na tsara don sauƙin lissafi. Wata masana'anta a Garwa tana da injin matsa guda. A wata tana fitar da man gyaɗa lita 18,000 a jarka mai lita 20, manyan 'yan kasuwa ke kwasa. Tana kuma fitar da man riɗi lita 2,000 a kwalba mai rabin lita, wanda ake kai wa kantuna. Injin yana aiki awa 400, gyaɗa ta ci 360, riɗi ya ci 40. Kuɗin ɗawainiya na wata sefa 3,000,000.

A tsohuwar hanya, 3,000,000 a raba da 400, kowace awa ta tashi 7,500. Gyaɗa ta ɗauki 2,700,000, riɗi 300,000, wato kowace lita, ko ta wanne ce, sefa 150. Idan kayan haɗi da ladan bakin inji na litar man gyaɗa 1,250 ne ana sayarwa 1,400, to a takarda babu ko sisin riba a kanta. Man riɗi kuwa, da kwalbarsa da komai 2,600, ana sayarwa 3,000, ribar 250 ke nan a lita, 500,000 a wata. Mai gida ya duba wannan takarda sai ya ce gyaɗa wahalar banza ce, a ƙara himma kan riɗi.

Yanzu mu bi aikin da ƙafa. Daga cikin miliyan ukun nan, 1,200,000 ne kaɗai suke tafiya da juyawar inji: wuta, man janareta, gyara, da tsufan injin kansa. Waɗannan awa ce ma'auninsu na gaskiya, 3,000 kowace awa. Gyaɗa 1,080,000, riɗi 120,000. A nan tsohuwar hanya ba ta yi ƙarya ba.

Sai wankin inji. Sau shida a wata ake juyawa zuwa riɗi, saboda kantuna kaɗan-kaɗan suke saye. Kafin a zuba riɗi sai an kwance bakin injin, an kankare ƙuli-ƙulin da ya daskare, an canza ƙyallen tata, an bar man farko ya zuba gefe, domin in ƙamshin gyaɗa ya shiga kwalba an ɓata kayan. Awa huɗu ke nan kowane karo. Komawa gyaɗa awa ɗaya ta isa. Jimla awa 30, kuɗinsu 300,000, wato 10,000 kowace awa: riɗi 240,000, gyaɗa 60,000. (A ganina ma duka riɗi ya kamata ya ɗauka, tunda ba don shi ba da ba a tsayar da injin ba, amma bari mu yi masa sassauci.)

Wurin cikawa da manna takarda yana cin 480,000. A nan akwai tarko. In ka ƙidaya mazubi kawai, jarka 900 da kwalba 4,000, ka zalunci riɗi, domin jarka ta fi kwalba cin lokaci. A tsaya da agogo a auna. Jarka minti huɗu, kwalba minti ɗaya da rabi: minti 3,600 da minti 6,000, jimla 9,600, kowane minti sefa 50. Gyaɗa 180,000, riɗi 300,000.

Karɓar oda, rubuta rasit, kai kaya da bin bashi sun ci 600,000. Gyaɗa oda 30 ce a wata, mota ta zo ta loda ta wuce Kuseri. Riɗi oda 90, katan biyu nan, katan uku can, yaro a kan babur yana zagaye gari, sannan a koma sau biyu kafin mai kanti ya biya. Oda 120, kowace 5,000: gyaɗa 150,000, riɗi 450,000. Saura 420,000 na haya da maigadi da albashin manaja. Babu kayan da ya jawo su, don haka ko dai a bar su gefe, ko a raba su da awa kamar yadda za mu yi a nan: gyaɗa 378,000, riɗi 42,000.

Da aka haɗa, gyaɗa ta ɗauki 1,848,000, kusan sefa 103 a lita. Riɗi ya ɗauki 1,152,000, sefa 576 a lita. Gyaɗar da aka raina tana kawo ribar 852,000, riɗin da ake ta yabo yana jawo asarar 352,000. Ribar gidan ba ta canza ba, 500,000 ce kamar yadda take a da. Ashe kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Dalilin karkacewar a fili yake. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na ɗawainiyar nan ba yawan lita take bi ba, yawan juyi da yawan oda da yawan kwalba take bi. Duk inda babban kaya mai sauƙin aiki ya haɗa inji da ƙaramin kaya mai yawan hidima, tsohuwar hanya za ta ɗora wa babban kayan nauyin ƙaramin. Alamunta ma ana ganinsu ba sai da takarda ba: abokan hamayya suna karya maka farashi a kan babban kayanka kuma ba su durƙushe ba, ƙaramin kayan da kake ganin yana da riba kuwa babu mai sha'awar shiga cikinsa, ciniki yana ƙaruwa amma akwatin kuɗi ba ya nauyi. Wanda kayansa iri ɗaya ne, ko ɗawainiyarsa 'yar kaɗan ce kusa da kuɗin kayan haɗi, ya riƙe tsohuwar hanyarsa, ta ishe shi.

Kada kuma a ga asarar 352,000 a ce a daina riɗi gobe. Ranar da aka daina shi an rasa 800,000 da yake shigowa da su bayan kuɗin kayansa, haya kuwa tana nan, mai cika kwalba yana nan da albashinsa sai in an sama masa wani aiki. Abin da lissafin ya nuna shi ne inda za a taɓa: a mayar da juyi shida zuwa biyu a wata, a sa ƙa'idar cewa ba a kai ƙasa da katan biyar, ko a ƙara farashin kwalba.

To, ga inda ake cutar mutane. Akwai masu yawo da kwamfuta suna sayar da manhaja da sunan ABC, kuma yawancin abin da suke bayarwa tsohuwar hanya ce aka sa wa sabuwar riga. Gane ta ba wuya. Ka nemi jerin ma'aunan. In ka ga lita, awar inji, kilon gyaɗa, kuɗin ciniki, to duk abu ɗaya suke aunawa, kuma sakamakon zai dawo kusa da sefa 150 ɗin nan. Dole a ga ma'aunin da ba ya bin yawan kaya, kamar juyi ko oda. Wasu ma sukan kawo maka rabon kayan sito gida uku, A da B da C, gwargwadon darajarsu. Wannan dabarar kula da sito ce, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Sai mai cika aiki, wanda zai jero maka ayyuka arba'in. Wata biyu ba za a yi ba magatakarda ya gaji da ƙidaya ya fara cike gurbi da ka. Gida irin wannan ayyuka huɗu zuwa shida sun wadatar, a shafi ɗaya na Excel. Ka kuma kiyayi wanda ya zauna a ofis yana tambayar ma'aikata kashi nawa na lokacinsu suke ba kowane aiki. Ba ma'aikacin da zai ce kashi 20 na yininsa zaman jira ne, kowa sai ya cika ɗari cif. Wannan matsalar ce ta sa Kaplan da Steven Anderson suka fito da tsarin auna minti a 2004, irin wanda muka yi a wurin cikawa. Wanda bai shiga ɗakin inji ya riƙe agogo ba, kada ka biya shi.

Lokacin da aka auna ma yana da tasiri. Bayan kaka gyaɗa tana da yawa inji ba ya hutawa, da damina ta yi nisa kuwa yana iya yin rabin awanninsa. Wanda ya raba haya da tsufan inji da awa 200 na watan ƙaranci zai ninka rabon kowace awa, ya ce maka ka ƙara farashi daidai lokacin da kasuwa ba ta ɗauka. A raba da awannin da aka saba yi a shekara, abin da ya rage a rubuta shi daban a matsayin kuɗin zaman inji.

Haka kuma kada wani ya ce maka lissafin bin aiki zai maye gurbin littafin da ake kai wa masu haraji. Kamaru da Cadi suna cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu bin dokokin kasuwanci iri ɗaya, kuma littafin shekara yana bin tsarin SYSCOHADA da aka sabunta, wanda ya fara aiki a Janairun 2018. Kuɗin kai kaya da bin bashi da muka ɗora wa riɗi ba sa shiga darajar kayan da ke sito a wancan littafin. Wannan lissafin na mai gida ne, don yanke farashi.

Kafin ka ba kowa ko dala, ka sa shi ya ninka kuɗin kowane ma'auni da ƙidayarsa a gabanka, ya haɗa jimla. In littafin kwantabul ya ce 3,000,000, takardarsa ma ta ce 3,000,000. In ta ce 2,600,000, ka tambaye shi inda 400,000 suka shiga, kuma ka buɗe littafin man janareta tukuna.