APA, MLA ko Chicago: wanne ya dace da aikin da ka sa ChatGPT a ciki?

Kafin ka zaɓi salon ambaton manazarta, duba takardar kwas ɗin ko ka tambayi malaminka. Idan ya haramta amfani da manhajar, babu salon da zai wanke ka. Idan ya yarda, manyan salon nan uku duk sun fitar da ƙa'idarsu a 2023, kuma sun sha bamban a kan tambaya ɗaya: wa za a rubuta a gurbin marubuci?

APA, wanda aka fi amfani da shi a fannin ilimi da kimiyyar zamantakewa, kamfanin da ya ƙera manhajar yake sawa. A ƙa'idar da ya fitar a 2023, a cikin rubutu sai ka ce (OpenAI, 2023), a jerin manazarta kuma:

```
OpenAI. (2023). ChatGPT (Mar 14 version) [Large language model]. https://chat.openai.com/chat
```

Rauninsa shi ne wannan layin bai nuna abin da ka tambaya ba. Malami ko ya maimaita tambayarka, ba lallai ya sami amsa iri ɗaya ba. Shi ya sa ƙa'idar ta 2023 ta ce kana iya liƙa hirar gaba ɗaya a rataye, a ƙarshen aikin.

MLA na 'yan adabi da harsuna ya ƙi ɗaukar manhajar a matsayin marubuci. Tambayar da ka rubuta ita ce take, sannan sunan manhaja, sigarta, kamfani, kwanan wata da adireshi. A ganina ya fi fito da gaskiya fili, sai dai yana da gajiyarwa idan tambayoyin suna da yawa. Chicago na masu tarihi ya fi sauƙi: bayani a ƙasan shafi ya wadatar, ba a sawa a manazarta sai in akwai adireshin hirar da kowa zai iya buɗewa.

To amma duk ukun don kalaman da ka ɗauko ne. A ce ɗaliba ta rubuta aikinta a kan noman rani a Kadawa, manhajar ta gyara mata nahawu, ta kuma jero mata littattafai biyar. Gyaran nahawu ba shi da gurbi a manazarta. Abin da yake buƙata sanarwa ce a shafin godiya ko babin hanyoyin bincike: wace manhaja, ranar yaushe, a wane babi, ta yi me. "Na yi amfani da ita" kawai bai isa ba.

Littattafan biyar ɗin ne wurin haɗari, domin manhajar kan ƙirƙiro take ta jingina wa marubucin gaske. Ta nemi kowanne a Google Scholar ko kundin laburare, ta gwada DOI ɗinsa in yana da shi, wato lambar shaidar da ake gano littafi ko maƙala da ita a intanet. Wanda ta samu ta karanta, shi za ta ambata da sunan mai shi. Wanda bai fito ba, ta cire shi tare da jimlar da ta dogara a kansa.