Bidiyon gabatar da kai na sakan 30: wane salo ya dace da mai ɗaukar hoto a Kumasi?

Mai ɗaukar hoton da ke zaman kansa a Aboabo ko Asawase ba ya da allon talla a bakin titi. Tallarsa tana cikin wayar mutane, a WhatsApp da TikTok da Instagram, kuma wanda zai ba shi aiki yakan yanke shawara ne kafin bidiyon ya ƙare. Saboda haka kafin ka biya mai haɗa bidiyo, ko ka ari makirfo, fara zaɓar irin rubutun da za ka ɗora aikin a kansa.

Sakan 30 ba ya ɗaukar magana mai yawa. Idan mutum yana magana a natse, kalma 2 zuwa 2 da rabi yake furtawa a sakan ɗaya, ka ga ke nan kalma 60 zuwa 75 ce iyakarka. Wanda ya rubuta 100 dole ya riƙa sauri kamar mai sanarwar cigiya, kuma babu wanda zai miƙa bikin 'yarsa ga muryar da take a firgice.

Salo na farko shi ne ka tsaya gaban kyamara ka yi magana tun daga farko har ƙarshe. Amfaninsa amana. Hajiyar da za ta bar ka ka shiga tsakar gidanta ranar suna tana son ta ga fuskarka, ta ji yadda kake gaisuwa. Ba ya cin kuɗi sosai: waya, abin kafa ta, da ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga, kimanin taƙi ɗaya daga baki. Illarsa ita ce an ga mai hoto amma ba a ga hoto ba. Ga kuma matsalar sauti, wadda ita ce ta fi kashe wannan salon a zango. Idan ka dogara da makirfon jikin waya daga nisan mita 2, ƙarar babur da hon ɗin turoturo za su danne ka. Gwada ɗaukar sakan 10, ka saurara ta lasifikar waya ba da abin kunne ba. In sai ka kasa kunne kafin ka gane maganar, to wurin bai yi ba.

Na biyu, muryarka tana tafiya a ƙarƙashin hotunanka, ba a ganin ka sam. Wannan ya dace da mai jin kunyar kyamara, kuma ya fi nuna gwaninta. Sai dai akwai tarko biyu. Masu hoto da yawa suna cusa hoto 25 ko 30 don kada a bar ko ɗaya, sai kowanne ya wuce kamar walƙiya, ido bai zauna a kan komai ba. Hoto yana bukatar kusan sakan 2. Tarko na biyu shi ne fasali: bidiyon waya a tsaye yake, 9:16, wato 1080 × 1920, alhali yawancin hotunan biki a kwance aka ɗauke su. In ka tilasta hoton dangi ya cika allon, za a yanke mutanen gefe, wataƙila har da uwar amarya. Zaɓi hotunan da tun asali a tsaye suke. Ban da haka, babu abin da ke tabbatar wa mai kallo cewa hotunan naka ne, domin an sha ganin masu talla da aikin wani.

Na uku, ka bar wanda ka taɓa yi wa aiki ya yabe ka. Idan aka dace, babu kamarsa, don a zango maganar maƙwabciya ta fi talla nauyi. Amma ba kai ke riƙe da linzamin ba. In ka rubuta mata abin da za ta faɗa, ana jin hadda a muryarta. In ka sake mata, addu'a da godiya za su cinye sakan 20 kafin a ambaci hoto. Ajiye wannan ya zama bidiyonka na biyu.

Ga wanda yake neman sababbin masu ba da aiki, shawararmu ita ce a haɗa na farko da na biyu: fuska a gajarce, hotuna a tsakiya. Ga misali ga mai ɗaukar aure da suna, kalma 68 cif.

Sakan 0 zuwa 3, hannun amarya da jan lalle ya cika allo, murya ta ce: "An sa ranar aure, ko suna ya matso?"

Sakan 3 zuwa 9, fuskarka, kana kallon idon kyamara: "Ni ne wane, mai ɗaukar hoto a Aboabo. Aure da suna kawai nake ɗauka."

Sakan 9 zuwa 22, hotuna 6 ko 7 suna bin juna: "Ina isowa tun kafin a fara yi wa amarya kwalliya, ba na tashi sai an kai ta ɗakinta. Kwana 3 bayan biki hotunanku na cikin wayarku, albam kuma cikin mako 2."

Sakan 22 zuwa 28, ka dawo allo, lambarka a rubuce: "Ku turo mini ranar bikinku ta WhatsApp, in duba ko ba a kama ta ba." Sakan 2 na ƙarshe shiru, lambar kaɗai.

Lura da abin da aka bari a waje. Babu doguwar sallama, ko da yake ita muka saba, domin sakan 3 na farko ne ke hana ɗan yatsa wucewa. Sai ka sa gaisuwar a rubutun da ke ƙasan bidiyon. Babu sunan kyamara, don uban ango bai damu da ita ba. Abin da ke cin ransa shi ne mai hoton da ke zuwa bayan an shafa fatiha, da wanda ake bi wata 3 kafin a ga hoto. Shi ya sa tsakiyar rubutun alƙawarin lokaci ne. Amma kwana 3 da mako 2 misali ne kawai. Sa adadin da za ka iya cikawa ko da an ɗauke wuta, ko kana da biki biyu a Lahadi ɗaya. Idan kana da mace a cikin masu taya ka, wadda za ta shiga ɗakin amarya, faɗi hakan a madadin maganar albam, domin ga gidaje da yawa wannan ne ke yanke magana.

Kada ka gauraya Hausa da Tuwi da Turanci a bidiyo ɗaya. Hotunan su zauna yadda suke, ka sake ɗaukar murya da fuska da Tuwi don masu shaguna a Adum da Kejetia. Ka kuma rubuta maganar a kan allo, tunda da yawa suna kallo ne wayar a shiru, amma ka nisanta rubutun da lambar daga can ƙasa da gefen dama, inda maɓallan TikTok ke rufe su.

Duk hoton da za ka sa, nemi izinin masu shi, a rubuce ko da saƙon waya ne, musamman na amare da jarirai. Waƙar wani kuma kan jawo manhaja ta kashe sautin bidiyon gaba ɗaya, har da muryarka. In za ka biya wani ya haɗa maka, ku yi magana tun farko cewa zai ba ka kwafi biyu, mai kiɗa da marar kiɗa, tare da gyara sau ɗaya a cikin kuɗin. Kafin ka biya cikon, tura bidiyon zuwa wayar wani ta WhatsApp, domin manhajar tana matse shi, ka duba ko har yanzu lambar tana karantuwa.