Takardun tambayoyi biyu kan kuɗin makaranta: wacce za ta sa iyaye su yi magana?

"Assalamu alaikum. Zan zauna da iyaye rukuni-rukuni a unguwanni biyu a Zariya don jin yadda suke kallon kuɗin makaranta. Takardun tambayoyi biyu ne a hannuna. Ta farko ta fara da 'Mene ne ra'ayinku game da kuɗin makaranta?' sannan ta bi kowace amsa da 'Me ya sa?' Ta biyu ta fara da abin da suka kashe a zangon da ya wuce, sai labarin wani uba da aka koro 'yarsa. Wacce zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ɗauki ta biyu, amma kada ki yar da ta farko, akwai abin da za ki ciro daga cikinta idan zama ya kusa ƙarewa.

Matsalar ta farko tana cikin jimlarta ta farko. Idan kika ce wa iyayen da 'ya'yansu ke firamaren gwamnati "kuɗin makaranta", da yawa za su ce miki ba sa biya, kuma ba ƙarya suka yi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, har ta tanadi hukunci ga iyayen da suka ƙi kai yaro. To amma gidan da ba ya biyan "kuɗin makaranta" shi ne yake biyan kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, da kuɗin jarrabawa, da ɗinkin yunifom, da littafin rubutu, da kuɗin tara kullum safiya. A kansu waɗannan duk sunansu daban. Shi kuwa wanda ɗansa ke makarantar kuɗi, da ya ji kalmar, takardar da ake aiko masa farkon zango kawai zai tuna. Ga kuma kuɗin wata na Islamiyya, ga kuɗin Laraba na makarantar allo, waɗanda wasu iyayen ba za su taɓa sa su a layi ɗaya da na boko ba. Kin ga mutum takwas sun amsa tambaya ɗaya, alhali kowa da abin da yake nufi.

Sannan ga kunya. Tambayar ra'ayi a gaban maƙwabta tana jawo amsar da ta dace a ji: ilimi ba shi da tsada, ko nawa ne za mu biya, Allah dai ya hore. Idan kuma sun zaci wata ƙungiya ce ta turo ki da tallafi, sai akalar ta juya, kowa ya ce ba ya iya biyan ko sisi. Amsoshin biyu duk ke ake yi wa su, ba abin da ke faruwa a gida ba ne. Alamar da za ki gane haka ita ce wanda ya fara magana ya faɗi tasa, sauran su bi da "haka ne", "kamar yadda Alhaji ya faɗa". Idan kin ji haka sau uku a jere, tambayar ta mutu, ki canja.

Ta biyu tana shiga ta ƙofar da ba ta da nauyi. Ga yadda nake share fage da ita bayan gaisuwa da neman izini: "Kowa ya gaya mana 'ya'ya nawa ne ke zuwa makaranta a gidansa, kuma wace iri." Wannan ba ta buƙatar tunani, amfaninta shi ne kowa ya ji muryarsa a cikin taron tun da wuri, don wanda bai yi magana a minti goma na farko ba da wuya ya yi daga baya. Daga nan sai: "Ku tuna makon da aka koma makaranta a zangon nan. Daga ranar da aka ce gobe za a koma, me da me aka fitar wa kuɗi?" Ki lura ban ce nawa ba. Nawa tambayar arziki ce, mutum zai ƙara ko ya rage gwargwadon wanda ke zaune kusa da shi. Me da me kuwa kowa yana iya jefa nasa, mai rubutu yana jerawa.

A nan nake fito da wake. Kowane abu da suka ambata sai a ajiye masa alama a kan tabarma: alli a madadin kuɗin ƙungiyar iyaye, ƙyalle a madadin yunifom, biro a madadin littattafai, haka dai, saboda wanda bai iya karatu ba ya bi abin da ake yi. Sai in ba su ƙwayar wake 20 su raba tare, abin da ya fi takura musu ya fi samun wake. Na taɓa yin haka da mata takwas a soron wani gida. Ni na shiga da zaton yunifom zai kwashe waken. Da farko ma haka aka yi, sai wata dattijuwa da ba ta ce uffan ba tun zamanmu ta miƙa hannu ta kwashe huɗu daga kan ƙyallen ta mayar kan kuɗin tara. Wata ta ce mata, "Haba Inna, kuɗin tara ai ba wani abu ba ne." Ta ce, "Yunifom sau ɗaya ake ɗinkawa, ƙane ma ya gada. Wannan kullum ne, kuma daga cinikin ƙosaina yake fita, malam bai ma san ana bayarwa ba." Gardamar da ta biyo baya ta kai minti goma sha biyar, kuma a cikinta na ji abin da ba na tsammanin tambayar ra'ayi za ta ba ni: a wajen waɗannan matan, kuɗin da ake nema sau ɗaya a zango na maigida ne, na kullum kuwa nasu ne, shi ya sa maza da mata ba sa nufin abu ɗaya idan suka ce makaranta ta yi tsada. Adadin waken ba ƙididdiga ba ne, kada ki sa shi a rahoto kamar ya wakilci gari. Maganar da aka yi lokacin da ake matsar da shi ita ce kayan aikinki, don haka mai rubutu ya kama wa ya matsar, da abin da ya ce.

Yanzu bin diddigi, inda takardun suka fi rabuwa. "Me ya sa?" a kunnen Bahaushe tana kama da tuhuma. Uba ya ce ya cire 'yarsa daga makarantar kuɗi, kika ce masa me ya sa, abin da zai yi shi ne kare kansa, ya ba ki dalilin da ba za a zarge shi a kai ba. Ki gwada waɗannan a maimakonta: "Daga nan sai me ya faru?" "Wa kuka yi shawara da shi?" "Ranar da aka aiko da takardar, hannun wa ta fara shiga?" Idan wani ya ce "ana dai maneji", kada ki wuce, manejin nan shi ne abin da kika zo nema: "Manejin yaya yake? A zangon da ya wuce daga ina aka haɗo?" A nan ne adashe zai fito, da sayar da akuya, da bashin mai shago, da kawun da ke turo kuɗi daga Legas. Sai ki juya ga sauran: "Akwai wanda nasa ya sha bamban?" Wannan ta fi "kun yarda?" nesa ba kusa ba, don tana ba mutum izinin saɓa wa babba ba tare da ya ƙaryata shi ba. Kuma ki iya shiru. Ki ƙirga biyar a zuci bayan amsa kafin ki sake magana. Sau da yawa jimla ta biyu ita ce ta gaskiyar.

Labarin uban da aka koro 'yarsa yana da kyau, da sharaɗin ki gina shi yadda zaɓin zai yi wuya. Ni haka zan faɗe shi: "Wani magidanci yana da yara biyu a sakandare, mace a ajin ƙarshe ana neman kuɗin rajistar NECO, namiji a aji huɗu an ce kada ya dawo sai da kuɗin zango. Abin da ke hannunsa na mutum ɗaya ne. A unguwar nan, me yawanci ake yi?" Ki kula da ƙarshen: me ake yi, ba me ya kamata a yi ba. "Me ake yi" tana kawo al'ada, "me ya kamata a yi" tana kawo wa'azi. A wani rukunin ki sauya, namijin ya zama na ajin ƙarshe, ki ga ko amsar za ta bi ajin ko za ta bi jinsin. Iyakar labari ita ce mutane suna faɗin abin da suke zaton wasu na yi, wanda ba lallai shi suka yi ba. Saboda haka ki rufe shi da "Akwai wanda ya taɓa ganin irin haka da idonsa?" Wanda abin ya faru a gidansa zai iya ba da shi a matsayin na maƙwabci, ke kuma ba ruwanki da tonawa.

Inda takarda ta farko ta fi shi ne sauƙi da lokaci. Amsoshinta sun fi daɗin jerawa unguwa da unguwa, kuma sabon mai jagorantar zama ba zai ɓata a cikinta ba. Ta biyu tana cin lokaci, wake kaɗai zai iya cinye minti 25 daga cikin 90 da za ki iya riƙe iyaye, kuma tana son wanda ya san lokacin da zai katse hira cikin ladabi. Don haka ki ɗauko tambayoyin ra'ayi biyu daga ta farko ki ajiye su a minti goma sha biyar na ƙarshe, lokacin da kowa ya riga ya faɗi abin da ya faru da shi: "Cikin duk abin da muka jera, wanne kuke biya da daɗin rai, wanne kuke jin bai kamata a nema ba?" da "Me makaranta za ta nuna muku ku ce kuɗinku bai tafi a banza ba?"

Duk wadda kika ɗauka, zaman ne zai iya kashe ta. Mutum shida zuwa goma, maza daban mata daban, iyayen makarantar gwamnati daban da na makarantar kuɗi. Kada a yi a harabar makaranta, kada shugaban makaranta ko na ƙungiyar iyaye ya zauna a ciki, ko da ya ce sauraro kawai zai yi. Wanda ake binsa bashin zango biyu ba zai buɗe baki a gabansa ba. Ki gaida mai unguwa ki nemi izininsa, amma ki roƙe shi kada shi kaɗai ya zaɓo miki mutane. Tun kafin tambayar farko ki faɗa ƙarara cewa ba tallafi kika kawo ba, ba za a rubuta suna ba, kuma ki nemi yardarsu kafin ki kunna na'urar ɗaukar murya. Kafin ki shiga unguwannin biyu, ki gwada takardar da iyaye huɗu ko biyar a wani wuri dabam, agogo a gabanki, ki ga wace tambaya ce aka amsa da "haka ne".