Aiki sau biyu a rana ko shif biyu masu haɗuwa a tsakiya?

"Salam ƴan uwa, ina da gidan abinci a Kano, ma'aikata 9: kuku 2, mataimakansu 2, masu wanke-wanke 2, weta 3, ni ce kan kuɗi. Kowa 7 na safe yake zuwa sai 10 na dare, sun gaji suna ta guduwa. Wasu sun ce in sallame su bayan cinikin rana su dawo da magariba, wasu sun ce in raba su shif biyu. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Na riƙe kicin ɗin gidan abinci shekaru kuma duka biyun na gwada su, toh kafin ki zaɓa ki fara yarda da abu ɗaya, agogon kicin daban na masu kai abinci daban. Lokacin da kika leƙa waje kika ga ba kowa a tebur, wajen 4 zuwa 6 na yamma, weta ne kawai ba shi da aiki, a kicin lokacin ne ake haɗa abincin dare.

Cinikin rana a Kano yana tashi ne da an idar da azahar, kamar 1:30 zuwa 3:30, na dare kuma daga bayan magariba har wajen 9:30. Sai ki yi lissafi da baya. In kina so komai ya sauka 12:30, tuwo sai an tuƙa an mulmula an zuba a kula tun 11:30, babbar tukunyar jalof tana cin kusan awa 1 ban da soya kayan miya, markaɗen tumatir da tattasai sai ya tsane ruwansa wajen awa 1 kafin a soya, ganda da ƙafar saniya kuwa awa 3 ko fiye suke yi a wuta. Kin ga dole 7:30 wuta tana ci. Weta kuma me zai yi 7:30? Zama kawai, shi ya sa kafin mutane su cika ya riga ya gaji da zaman banza.

Tsari na farko, wato a zo sau biyu, amfaninsa a fili yake: duk mutum 9 ɗinki suna nan a cinikin rana suna nan a na dare, ba kya ciyar da mutum yana gyangyaɗi da la'asar. Amma a kicin baya aiki. In kuku ta tafi 3:30 ta dawo 6, wa zai tuƙa tuwon dare, wa zai ɗora sabuwar shinkafa? Abin da zai faru shi ne a riƙa ɗumama na rana, kuma firaid rais mai kayan lambu da aka dafa 12 in ya wuni a kula har 8 na dare a zafin nan namu ya fara tsami, kwastoma ɗaya ya yi ciwon ciki sunan gidanki ya ɓaci a unguwa. Sannan kuɗin mota ya zama sau 4 maimakon sau 2, wanda gidansa ke Rijiyar Zaki shagonki na Zoo Road ba zai je gida ba, a kan benci zai kwanta, kin ga a takarda ya huta amma a jikinsa ya yi awa 15 a wajen aiki kamar da.

Tsari na biyu, ƴan safe 7 zuwa 4, ƴan yamma 1 zuwa 10. Wannan kicin yana son shi sosai, don kullum akwai mai tsaye a kan wuta, kuma daga 1 zuwa 4 kowa yana nan daidai lokacin da ake rububi. Inda yake ciwo shi ne dare. Rabin mutanenki sun tafi, in kin raba weta 3 sai ki ga mutum 1 ko 2 ne da tebura duka ga masu tekawe a tsaye suna jira, ke kuma kin bar kan kuɗi kina ɗaukar faranti, a nan lissafi yake rikicewa.

Ni dai da ni ce ke haɗawa zan yi. Kuku ɗaya da mataimakiyarta 7 zuwa 4, su ne masu nama, miya, tuwo da shinkafar rana. Kuku ta biyu da tata 12:30 zuwa 9:30, su taya zuba abinci da rana, da an lafa wajen 3:30 su fara na dare, tuwo ya sauka kafin 6:30, kuma kafin su tafi su gyara kayan miyan gobe su wanke nama a sa a firiza. In wutarki ba tabbas, a tafasa naman tukunna. Wannan aikin na daren shi ne yake sa ƴan safe su iya gamawa su biyu, in aka yi sakaci da shi sai ki ga 1 ta yi stew bai soyu ba. Kuma ki sa doka, kuku ta safe ba ta fita sai ta buɗe wa ta yamma kowace tukunya ta gaya mata me ya rage, minti 10 ne amma yana kashe rigimar "ai ba ni na dafa ba".

Masu wanke-wanke kar ki raina su, sau da yawa abin da ke tsayar da layi ba abinci ne ya ƙare ba, faranti da cokula ne suka taru a baho. Ɗaya 9 zuwa 6 don tukwanen safe, ɗaya 1:30 zuwa 10:30 don rufewa.

Weta su ne zuwa sau biyu ya dace da su. Ki zaɓi biyu da gidansu ya fi kusa, su zo 11:30 su share su jera tebura, su tashi 3:30, su dawo 6:30 zuwa 10:30, awa 8 ke nan, kuma ki biya musu kuɗin motar da ya ƙaru, don Allah kar ki bar musu shi a kan ɗan albashinsu. Na ukun ya yi 12 zuwa 9 a jere, shi zai riƙe wajen da la'asar. Duk wanda yake awa 9 ki ba shi awa 1 na cin abinci da salla, dama dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce mai aikin awa 6 ko fiye yana da hutun awa 1 a cikin aikin, da kwana 1 cikakke a kowane kwana 7. Ranakun hutun ki rarraba su a ranakun da cinikinki ya fi sanyi, mutum ɗaya ko biyu a rana, kuma ranar hutun kuku ki rage kalolin abinci.

Sallar magariba ki tsara ta bi da bi, lokacinta gajere ne kuma daidai shigowar mutane take faɗowa. Masu tashi 10:30 kuma ki tambaye su yadda za su koma gida, tun 2022 aka sa dokar hana adaidaita sahu yawo bayan 10 na dare a Kano, in mutum ba shi da mashin ko mai ɗaukarsa gara ki mayar da shi safe.

Awannin nan da na rubuta na gidan da na sani ne, naki sai kin auna. Ki ɗauki littafi sati 2, duk rabin awa ki rubuta faranti nawa suka fita, Juma'a ki ware ta daban don sai an sauko masallaci mutane suke zuwa gaba ɗaya. In kika ga darenki ya fi ranarki ciniki, ki matsar da kuku ta biyu zuwa 1:30 ta tashi 10:30, wetan da yake yi a jere shi ma ya koma 1 zuwa 10. Da azumi kuwa wannan jadawalin ki ajiye shi gefe, ki sake lissafi da baya daga shan ruwa.