Dubu 380 a Abuja ko dubu 210 a Funtuwa?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni akanta ne, ina Funtuwa da matata da yara biyu, muna zaune a sashena a gidanmu na gado. Wani kamfani a Abuja, wajen Wuse, ya ba ni aiki a kan naira dubu 380 a wata. A nan gida kuma wani kamfanin sarrafa hatsi ya ce zai ba ni dubu 210. Mahaifiyata na fama da hawan jini da ciwon suga, kuma ni ne babba. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya kuma sanya albarka a duk wanda ka zaɓa. Na yi shekara shida ina kwana a Mararaba ina aiki a cikin garin Abuja kafin na dawo gida, don haka bari mu ɗauki biro da takarda.

Fara da cire idonka daga lambobin nan biyu, domin ba su ne za su shiga asusunka ba. Kamfanin da ke bin doka zai cire maka kashi 8 cikin ɗari na fansho, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada, sannan a cire harajin albashi. Ka ce su rubuta maka abin da zai rage bayan an gama cire-cire. Kafin su ba ka amsa, mu ƙaddara na Abuja zai sauko zuwa dubu 330, na gida kuma dubu 190. Ka ga tazarar dubu 170 ta koma dubu 140 tun ba ka hau mota ba. Sauran lambobin da zan kawo ma ƙiyasi ne, sai ka sa ainihin farashin da ka tarar a madadinsu.

Inda Abuja ke karya mutum shi ne haya, kuma tun kafin ya ga albashin farko. Da wannan albashi Wuse ko Garki ba wurin kwananka ba ne. Kubuwa za ka nufa, ko Lugbe, ko Nyanya, ko ka tsallaka Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Suleja a Jihar Neja. Mai gida kuɗin shekara yake so cif, ba a zancen wata-wata. A ce ka samu ciki da falo mai banɗaki a ciki a kan miliyan 1.2. Ejan zai ce kashi 10 nasa ne, dubu 120. A ce maka akwai kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, sau da yawa shi ma kashi 10. Sai kuɗin ajiyar ɓarna da suke kira koshin, a ce dubu 100, wanda ni dai ban taɓa ganin nawa ya dawo cikakke ba. Miliyan 1 da dubu 540 ke nan, ba katifa, ba tukunyar gas, ba kuɗin motar da za ta kwaso kaya. Tambayar da za ka yi wa kanka a daren nan ita ce: daga ina wannan kuɗi zai fito? In amsar ita ce sayar da fili ko cin bashi, to ƙarin albashin shekararka ta farko ka riga ka cinye shi.

Yanzu wata. Hayar nan in ka raba ta sha biyu, dubu 100 ce, kuma dole ka riƙa ware ta duk wata, in ba haka ba wa'adi zai riske ka hannu wayam. Kuɗin mota daga Mararaba zuwa Wuse da dawowa, hawa biyu ko uku kowane ɓangare, a ce 2,500 a rana. Kwana 22 ya ba ka dubu 55. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan layi na lissafi ya daina zama ƙaramin abu. Abincin rana a wurin aiki, ko da wajen mai shinkafa da wake ne, dubu 33. Wuta da gas da 'yan ga-ruwa, dubu 30. Jimla dubu 218. Abin da ya rage maka dubu 112 ne, kuma a cikinsa za ka ciyar da mutum huɗu da cefanen Abuja, ka biya makarantar yara, ka aika wa Hajiya kuɗin magani.

Juyo Funtuwa. Haya babu. Man babur dubu 25, wuta da ruwa dubu 10, kuma da azahar gida za ka koma ka ci tuwonka. Saura dubu 155. In kuna da gona ko kana sayen masara da kaka ka ajiye, to babban nauyin cefane ya sauka. Wato mai ƙaramin albashi ya fi mai babba saura da dubu 43, a kasuwar da kuɗi ya fi auki.

Na san abin da za ka ce, don ni ma shi na ce a lokacina: in bar iyali a gida, in tafi ni kaɗai. To mu lissafa shi. Ka haɗa ɗaki da wani, kasonka dubu 35. Mota tana nan dubu 55. Abincinka safe da rana da dare, tunda ba mai dafa maka, dubu 70. Zuwa gida sau ɗaya a wata, tafiya da dawowa da 'yar tsaraba, dubu 30. Saura dubu 140 da za ka tura gida. Har yanzu bai kamo dubu 155 ba, ga shi kuma kana tukunya biyu, 'ya'yanka suna ganinka kwana biyu a wata.

Akwai wani haraji da ba ya cikin takarda. Ranar da ka koma Abuja, sunanka ya zama "ɗan Abuja". Wanda da yake neman dubu 2 a wajenka, yanzu dubu 20 zai nema, kuma ba zai yarda cewa a ɗakin haya kake kwana a kan katifa a ƙasa ba. Amma kada in yi wa gida kara: zama kusa ma yana da nasa. Kai ne babba, kowane suna da biki da ta'aziyya da kai za a yi, mai neman na cefane kuma ba waya zai yi ba, sallama zai yi a ƙofar gida. Cire dubu 30 daga lissafin Funtuwa saboda wannan. A nan ne tafiya kai kaɗai ta ɗan wuce zaman gida da 'yan dubbai, in har masu kiran waya sun bar maka su.

Lokaci kuwa, wannan sai wanda ya ɗanɗana. Ina fita bayan sallar asuba, don in rana ta fito ban wuce Nyanya ba, cunkoson da ke tsakanin nan da shataletalen AYA zai iya cin sa'a biyu. Da yamma a sake. Ga tsoron 'yan wan cans, ɓarayin da ke ɗaukar mutum a mota kamar ta haya su yi masa fashi, sai ka tsaya kana leƙa fuskokin fasinjoji kafin ka shiga mota. Akwai watan da ban taɓa tarar da ɗiyata a farke ba sai ranar Asabar.

Zancen Hajiya ba na kuɗi ba ne kawai. Hawan jini da suga ciwo ne na bibiya: wa zai tabbatar ta sha magani, wa zai kai ta awo ranar da likita ya sa, wa zai lura ƙafarta ta yi ciwon da ya ƙi warkewa? In abin gaggawa ya taso da ƙarfe biyu na dare, tsakaninka da ita fiye da kilomita 300 ne, ta Kaduna da Zariya, kuma hanya ce da mai hankali ba ya so ya bi da dare. In kana da ƙane ko ƙanwa a gari da ka tabbata za su riƙe wannan, ba da baki ba, nauyin ya ragu sosai. In kuwa a zuciyarka ka san matarka ce za ta ɗauka, ga yara biyu, to ka zauna da ita ku yi magana kafin ka yanke komai, don ita ce za ta biya kuɗin tafiyar taka.

Duk da haka ba zan ce Abuja ba ta da abin da ta fi gida da shi ba. Tana da shi, sai dai ba a albashin bana yake ba. In kamfanin tsayayye ne, kan kashi 8 ɗinka zai ɗora nasa kashi 10 a asusun fanshonka, ya kuma sa ku a inshorar lafiya kai da iyalinka. Da yawa daga ƙananan kamfanonin gida ba sa yin ko ɗaya, wasu ko takardar ɗaukar aiki ba sa bayarwa, albashi kuma yana bin yanayin kasuwa da ran Alhaji mai kamfani. Na taɓa yin wata uku ina jin "a ƙara haƙuri" a irin wannan wuri. Sannan akanta a Abuja yana ganin aikin da zai ɗaga darajarsa: binciken asusu, lissafin haraji, manyan manhajojin lissafi, ga wuraren karatun jarrabawar ICAN ta ƙwararrun akantoci a kusa. Wanda ya yi shekara biyu ko uku a haka ya samu shaidarsa, yana iya tsallakawa wani wurin da albashin da zai sa duk lissafin da muka yi ya kife. A Funtuwa kuwa masu neman akanta ba su da yawa, mai yiwuwa bayan shekara biyar kana nan kusa da inda ka fara.

Saboda haka ka tambayi na Abuja abu uku, a rubuce. Su ne za su ɗauke ka kai tsaye, ko ta hannun wani kamfanin kwangila? Wata nawa ne gwaji, kuma me ke biyo bayansa? Za su ba ka rancen haya a riƙa cira a albashi? In aikin kwangila ne na shekara ɗaya, kada ka ɗora miliyan ɗaya da rabi a kansa.

Da ni ne a matsayinka, da waɗannan lambobi da kuma jikin Hajiya, na gida zan karɓa, amma ba hannu biyu ba. Zan nuna musu takardar Abuja in nemi su kai dubu 240, su ba ni takardar aiki, su buɗe mini fansho. Sa'o'i uku ko huɗun da Nyanya za ta cinye mini kullum in zuba su a karatun ICAN, da riƙe wa 'yan kasuwar hatsi biyu ko uku littattafansu da yamma. Abin da zai sa in sauya ra'ayi shi ne amsoshin nan uku su fito da kyau, kuma a samu tsayayye a gida. Ko a haka, ni kaɗai zan fara tafiya, in sauka wajen wani na gida har gwaji ya ƙare, ba zan biya wa kowa hayar shekara ba sai takardar tabbatarwa ta shigo hannuna.